Umra A Watannin Zafi: Arha Da Wahalarta

Wanda ya yi Umra a goman ƙarshe na Ramadan ya san yadda cunkoso ke mayar da ɗawafi aikin awanni, har a tura mutane hawa na sama, inda kowane zagaye ya fi tsawo nesa ba kusa ba. To, da zarar an buɗe Umra bayan Hajji, wajen Muharram da Safar, sai lamarin ya canza. Otal-otal na kusa da Harami sukan sauke farashi, kuma mutum kan samu ya yi ɗawafi a ƙasa, dab da Ka'aba. Ga mai rakiyar tsohuwa, wannan sauƙin ya fi ragin kuɗin ma daraja.

Sai dai a 'yan shekarun nan watannin suna faɗowa ne a tsakiyar zafin Makka, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40. Farin dutsen filin ɗawafi ba ya ƙona ƙafa, wurin sa'ayi kuma akwai na'urar sanyaya iska. Hatsarin yana kan hanya, tsakanin masauki da masallaci da azahar. Jiri, ciwon kai da fitsari mai duhu alamu ne cewa ruwan jiki ya yi ƙasa. Idan mutum ya fara ruɗewa, a garzaya da shi asibiti.

Mai ciwon suga ko hawan jini ya ga likita kafin ya biya kuɗin kujera, kuma ya bar Umrarsa sai bayan isha'i.