Kafin a ɗaura gyauton girki: maganar minti biyar da ake tsallakewa

Duk lokacin da aka kwashi mutane zuwa asibiti bayan walimar biki ko cin abinci a makarantar kwana, maganar da ke fara zagaya gari ita ce an zuba guba. Wasu su ce naman ne ya kwana. Ba kasafai ake tambayar ko cikin masu aikin akwai wanda ya kwana yana zagayawa ba, alhali sau da yawa daga nan matsalar take tasowa. Shi ya sa duk sabon mai taya aiki a kicin ya kamata a zaunar da shi ranar farko, kafin a miƙa masa wuƙa, a yi masa magana kamar haka:

"Ƙannena, idan ɗayanku ya yi gudawa ko amai, jiya da dare ne ko yau da asuba, ya kira ni tun yana gida. Kada ya bari sai ya shigo ya fara yanka albasa. Haka nan in idonku ya yi rawaya, ko wani a gidanku yana amai da gudawa, ku faɗa mini. Ba za a kore ku ba, kuma maganar tsakaninmu za ta tsaya."

Abin da ya fi damuna shi ne amsar da ake yawan ji: "Ai ya tsaya, Hajiya, na sha flajil." Tsayawar gudawa daban, fitar ƙwayar cuta daga jiki daban. Ɗauki norobairos, ƙwayar da ke kan gaba wajen haddasa amai da gudawa ta hanyar abinci a ƙasashe da dama. Flajil ba ya taɓa ta, don ba irin ƙwayar da yake kashewa ba ce. Maganin tsayar da gudawa kuwa hanji kawai yake kwantarwa. Mai ɗauke da ƙwayar yana fitar da biliyoyinta a bayan gida, ƙasa da 100 kuma sun isa su kwantar da ƙato, kuma fitarta ta fi yawa lokacin ciwon da kwanakin farko bayan an ji sauƙi. Duk wadda ta taɓa jajjaga attaruhu, ta wanke hannu, can da yamma ta sosa ido ta ji raɗaɗi, ta san hannu yana riƙe abin da ido ba ya gani. Sanitiza ma ba ta cika yin tasiri a kan wannan ƙwaya ba, sai sabulu da ruwa, a cuɗa na daƙiƙa 20 har ƙarƙashin farce.

Saboda haka hukumomin kula da abinci a ƙasashe irin su Birtaniya suka tsayar da ƙa'idar awa 48. Ana fara ƙirga ta daga gudawa ko aman ƙarshe, ba daga ranar da ciwon ya fara ba, kuma sai ya tsaya da kansa. A ce yarinya mai taya girki cikinta ya ɓaci ranar Litinin, zagayawarta ta ƙarshe ƙarfe goma na daren Talata. Ta tashi Laraba garau, amma awa 48 ba za su cika ba sai goma na daren Alhamis, don haka safiyar Juma'a za ta dawo. In kuma ta sake yi Laraba da rana, lissafi ya koma farko. Idan akwai jini a bayan gidan, ko zazzaɓi mai zafi, ko gudawa fara kamar ruwan shinkafa irin ta kwalara, ta fara shan ruwan gishiri da sukari ta tafi asibiti nan take, likita ne zai faɗi ranar dawowa.

Wani zai ce ai ba ita ke girki ba, taya aiki kawai take yi. Aikin nata ne ma ya fi hatsari. Miyar da ke tafasa wuta ta tsare ta. Amma yanka kabeji da latas, tace zoɓo da kunun aya, fasa ƙanƙara, jera farantai da cokula, duk ayyuka ne da daga hannunta sai bakin mai ci. Mayar da ita wanke-wanke ma bai raba ta da abincin ba, tunda famfo ɗaya da tsumma ɗaya ake taɓawa.

Gaskiya dai yawancin masu ɓoyewa ba don mugunta suke yi ba. Akwai kunya, musamman ga budurwa da za ta faɗa wa namiji, don haka a ware mace da za a riƙa gaya mata, kuma cewa "cikina ba daɗi" ya wadatar a fara tambaya. Akwai kuma kuɗi. Wanda ake sallama kullum da yamma, in aka ce ya zauna gida kwana uku babu ko sisi, an koya masa yin shiru ne. Mai gidan abincin da ke son a faɗa masa gaskiya ya biya kwanakin nan, ko da rabi ne, ya kuma tanadi wanda zai maye gurbi. Duba-gari ma in sun zo, bayan leƙa kwata da kwandon shara, ya dace su tambayi wa ake gaya wa in ma'aikaci ya wayi gari da gudawa, kuma yaushe aka mayar da wani gida saboda ita.