Rubutun Ƙasan Bidiyo: A Auna Shi da Idon Mai Kallo

Baki ya fi ido sauri. Wannan ne tushen wahalar duk mai sa rubutun Hausa a ƙasan bidiyo, musamman yanzu da yawancinmu a waya muke kallo, wani lokaci ma a cikin mota ko kasuwa, murya a kashe.

A ce wata mata ta faɗi haka cikin daƙiƙa 4: "To wallahi ni dai gaskiya ban ga dalilin da zai sa a ƙara kuɗin mota ba tunda man fetur ya sauka." Idan aka ƙirga haruffan har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, 96 ne. A raba su gida 4, sai ya zama mai kallo zai haɗiye haruffa 24 a kowace daƙiƙa. Kamfanin Netflix ya tsayar da 17 ga manya a harsuna da yawa, kuma a ganina mai karanta boko a hankali ya cancanci ƙasa da haka. Saboda haka sai a tace maganar, a zubar da "to wallahi ni dai gaskiya", tunda fuskar matar ta riga ta nuna ɓacin ranta. A fayil ɗin `.srt` ga yadda za ta fito:

```
1
00:00:12,000 --> 00:00:16,000
Ban ga dalilin ƙara kuɗin mota ba,
tunda fetur ya sauka.
```

Haruffan sun dawo 55, wato kusan 14 a daƙiƙa, kuma ma'ana ba ta ragu ba.

A lura da inda aka karya layin. Hausa tana da kalmomin da ba sa son rabuwa. Kada "ya" ta tsaya a ƙarshen layi alhali "sauka" tana ƙasa, kuma kada "ba" ta ƙarshe ta faɗa cikin rubutu na gaba, domin mai kallo zai ga rabin korewa ya rikice. Layi biyu ne iyaka. Haruffa 42 da Netflix ya yarda da su a layi ɗaya sun dace da faffaɗan allo, amma a bidiyon tsaye na waya, 30 zuwa 35 sun isa.

Wajen saita lokaci, kunne kaɗai yakan yaudari mutum. Manhajoji irin su Subtitle Edit da Aegisub suna zana sautin murya, a ga daidai inda magana ta fara. Nan rubutu zai fito, sannan ya ɗan jinkirta kaɗan bayan an yi shiru. Wanda bai kai daƙiƙa ɗaya ba ƙiftawa kawai zai yi, wanda ya wuce 7 kuma sai ido ya sake karanta shi.

Kafin a saki bidiyon, a adana fayil ɗin da tsarin `UTF-8`, in ba haka ba ƙ, ɗ da ɓ za su iya komawa alamar tambaya. Idan kuma akwatuna suka fito a madadinsu, salon haruffan ne ba ya ɗauke da su, sai a canza shi zuwa irin Noto Sans. Daga nan a tura bidiyon zuwa ƙaramar waya, a kashe murya, a miƙa wa wanda bai taɓa jin hirar ba. Duk inda ya tsayar da bidiyon don ya ƙarasa karatu, wurin yana buƙatar gyara.