Cike Gurbi a Darasin Saurare: Hasashen Kalma da Kiyaye Ƙa'idojin Rubutu

1.0 Gabatarwa

Daga cikin hanyoyin da ake auna fahimtar mai koyon harshe akwai cike gurbi. Ana ba ɗalibi takarda mai ɗauke da taƙaitaccen bayani wanda aka cire wasu kalmomi daga cikinsa, sannan a kunna masa muryar da aka naɗa, shi kuwa ya cike guraben da abin da ya ji. An fi sanin wannan salo a jarrabawar Ingilishi ta IELTS, inda sashen saurare yake da tambayoyi 40, ana jin muryar sau ɗaya tak, kuma amsar da aka rubuta ba daidai ba faɗuwa ce ko da an ji ta sarai. Wannan takarda ta dubi yadda aikin yake a ajin Hausa. Abin da take son nunawa shi ne, kalmomin da ke kewaye da gurbi sukan bayyana irin kalmar da ake nema tun kafin a kunna murya, kuma su ne ma'aunin da za a gwada amsa da shi bayan an rubuta ta.

2.0 Misalin aiki

A ɗauka an raba wa ɗalibai wannan takarda, tare da umarnin cewa kowane gurbi kalma ɗaya ko lamba ɗaya zai ɗauka:

Ziyarar ɗalibai zuwa Damagaram
(1) Za a tashi ranar ______ da asuba.
(2) Wurin haɗuwa: babbar ______ jami'a.
(3) Jami'a ta ba da sababbin ______ biyu.
(4) Za a tafi da shinkafa ______ uku.
(5) Masauki yana kusa da tsohuwar ______.
(6) Kuɗin abinci: jaka ______.

Abin da za su ji kuwa shi ne:

"Da mun sa tafiyar nan Laraba, amma saboda jarrabawa an mai da ita Alhamis, da asuba. Kowa ya hallara a babbar ƙofar jami'a. Motar sashenmu ta lalace, to amma jami'a ta taimaka mana da sababbin motoci biyu. Mun tanadi shinkafa buhu uku da mai. Bara a bayan asibiti muka sauka, bana kuwa masaukinmu yana dab da tsohuwar kasuwa. Kuɗin abinci jaka goma sha biyar ne, a'a, ku gafarce ni, goma sha biyu."

3.0 Hasashe kafin saurare

Kafin a kunna murya akan ba da ɗan lokaci don a karanta takardar. A wannan lokaci ɗalibi yana yi wa kowane gurbi tambayoyi uku: wane rukunin kalma ne, wane jinsi ne, tilo ne ko jam'i?

Gurbi na (1) da na (6) ba su da wuya. Bayan "ranar" sunan rana ake jira, ɗaya daga cikin bakwai, bayan "jaka" kuwa adadi. A gurbi na (5) nahawu ne yake yin aikin. Sifar "tsohuwar" ta mace ce, saboda haka sunan da zai biyo ta tilo ne kuma jinsin mace. Wannan kaɗai ya fitar da "asibiti" daga lissafi, domin da shi ake nufi da "tsohon" za a rubuta. Ɗalibin da ya lura da haka ba zai faɗa tarkon da aka ɗana masa ba, ko da yake "asibiti" ne ya fara shiga kunnensa. Haka ma a gurbi na (3): "sababbin" sifa ce ta jam'i, don haka "motar" da aka fara ambata ba ta da wurin zama a nan.

Gurbi na (2) yana da alama biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. "Babbar" ta nuna sunan mace tilo. Sunan "jami'a" da ya biyo bayan gurbin kuma ya nuna cewa dole kalmar ta ɗauki harafin nasaba, wato -r, domin sunaye biyu ba sa haɗuwa a irin wannan gini ba tare da shi ba. Wanda ya dubi hagun gurbi kawai ya manta da damansa zai rubuta "ƙofa", sai a sami "babbar ƙofa jami'a", wanda ba Hausa ba ne.

Ya kamata a sani cewa alamomin nan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Alamomin mace, wato "wata" da "ce" da -r, suna yanke hukunci kai tsaye: suna ne tilo na mace. Amma "ne" da -n na namiji ne kuma na jam'i, kamar yadda ake cewa "littafin Musa ne" da kuma "littattafan Musa ne". A nan sai an nemi wata shaida, kamar "wani" ko "wasu", ko lamirin da ke gaban aikatau, wato "ya" ko "sun". Siffar aikatau ma takan taimaka. Idan an ga "za a tambayi ______" suna ne zai biyo, idan kuwa "za a tambaye ______" ne, to wakilin suna ake jira.

4.0 Matsalar jam'i

Kuskuren jam'i iri biyu ne. Na farko shi ne sa jam'i inda mai magana bai sa ba. Ɗalibin da ya saba da Faransanci ko Ingilishi yakan ɗauka cewa duk sunan da aka ƙirga da abin da ya haura ɗaya jam'i ne. A Hausa ba haka abin yake ba, musamman a ma'auni da lokaci: ana cewa "kwana uku", "shekara goma", "mudu biyar". A gurbi na (4) "buhu uku" da "buhuna uku" duk suna iya zama a jimla, saboda haka nahawu bai raba gardama ba. Kunne ne zai raba ta, kuma abin da aka faɗa shi ne "buhu". Wannan ita ce iyakar hasashe: yana rage yawan kalmomin da za su iya shiga gurbi, amma ba ya maye gurbin saurare. Ɗalibi zai yi kyau ya sa wa irin wannan gurbi 'yar alama tun farko, don ya kasa kunne ga ƙarshen kalmar.

Na biyu shi ne rubuta jam'in ba daidai ba. Hausa tana da hanyoyin gina jam'i masu yawa, kuma wasu suna sauya baƙin da ke cikin kalma. Idan wasalin i ko e ya biyo baya, t yakan koma c, s ya koma sh, z da d su koma j. Shi ya sa "mota" ta ba da "motoci", "ƙasa" ta ba da "ƙasashe", "kaza" ta ba da "kaji", "gida" ya ba da "gidaje". Ɗalibin da ya rubuta "mototi" a gurbi na (3) ya gina jam'in ne da kansa, bai rubuta abin da ya ji ba. Wasu jam'o'in kuma suna ninka baƙi, kamar "watanni" da "wasanni" da "zobba", kuma baƙi na biyun ne yakan salwanta idan ana sauri.

5.0 Kurakuran rubutu

Baƙaƙe masu ƙugiya su ne kan gaba. Rashin ƙugiya ba ƙaramin aibi ba ne, domin sau da yawa wata kalma dabam yake haifarwa: "kafa" ba "ƙafa" ba ce, "kasa" ba "ƙasa" ba ce, "baki" ba "baƙi" ba ne. Mai gyaran takarda yana hukunci ne da abin da ya gani, ba da abin da ɗalibi ya nufa ba. Haka abin yake ga ninkin baƙi, kamar a "baba" da "babba".

Sai kuma tasirin harshen da aka fara koyon karatu da shi. Wanda ya yi makarantar Faransanci yakan rubuta "mototchi" da "kassoua", wanda ya yi ta Ingilishi kuwa "motochi". Dukansu sun ji kalmar daidai, hannu ne ya koma ga tsohuwar al'adarsa. Maganin wannan ba ƙarin saurare ba ne, shifta ce a kan baƙaƙen c da sh da j da wasalin u.

Akwai kuma bambancin furuci da rubutu. A bakin masu magana da yawa, -r ta nasaba takan rikiɗe ta zama irin baƙin da ya biyo ta, sai a ji kamar "ƙofaj jami'a". A Hausar yamma kuma f takan fito kamar h ko hw. Daidaitacciyar Hausa "ƙofar" take rubutawa ko yaya aka furta. A nan ma hasashen da aka yi tun farko shi ne mai ceto, tunda ɗalibi ya riga ya san -r yake jira.

Abu na ƙarshe shi ne umarnin aikin. Sunayen ranaku da babban baƙi suke farawa, don haka "Alhamis" za a rubuta. A gurbi na (6) kuwa "goma sha biyu" kalmomi uku ne, alhali ɗaya aka yarda da ita, saboda haka amsar ita ce 12. Wanda ya rubuta 15 ya ɗora alƙalami ne kafin mai magana ya gyara kansa.

6.0 Abin lura ga malami

Hasashe ta hanyar jinsi yana aiki ne idan muryar da takardar duka suna bin daidaitacciyar Hausa. A wasu kare-karen harshe, irin su Hausar Gana, bambancin jinsi ya yi rauni ƙwarai, har a ji "mota na". Ɗalibin da ya taso da irin wannan Hausa ba zai ga abin da "tsohuwar" take nunawa ba sai an koya masa a fili. Haka kuma wajibi ne malami ya rubuta jerin amsoshin da zai karɓa kafin ya fara gyara. Alal misali, ƴ da ake rubutawa a Nijar da 'y ta Nijeriya duka daidai ne, bai kamata ɗalibi ya rasa maki a kansu ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa daga cikin gurabe shida na misalin, nahawu ya fayyace jinsi ko adadin kalma a uku, ma'anar jimla ta nuna irin amsar a biyu, ɗaya kuwa kunne kaɗai ya warware shi. Bayan an gama saurare, abin da ya rage wa ɗalibi shi ne ya karanta kowace jimla daga farko zuwa ƙarshe tare da amsarsa a ciki, yana duba jituwar jinsi da adadi, da harafin nasaba, da ƙugiya, da ninkin baƙi, sannan ya ƙirga kalmomin da ya rubuta a kowane gurbi.