Sanarwar Fitowar Diwani: Wane Baiti Ake Ɗanɗana wa Mai Karatu?

Marubucin da ya buga diwanin waƙoƙinsa da kuɗin aljihunsa ba shi da kamfanin da zai yi masa talla. A Kano, inda marubuta suka saba da wannan hanya tun shekarun 1980, mai littafi shi ne mawallafi, shi ne kuma ɗan talla. Saboda haka sanarwar fitowar littafin tana ɗauke da nauyi biyu: ta ɗanɗana wa mutane waƙar, ta kuma nuna musu inda za su saya.

Zaɓen ɗanɗanon ya fi komai wuya. Rubutacciyar waƙar Hausa takan buɗe da sunan Allah da salatin Annabi, ta rufe da addu'a, wani lokaci har da sunan mawaƙin. Sabon marubuci yakan ɗauko baitin farko don shi ne a kusa, alhali kusan kowane sha'iri da irinsa yake farawa. Muryarsa tana can tsakiya, inda ya shiga jigon da ya sa shi ɗaukar alƙalami.

Yawan abin da za a tsakuro ya danganta da zubin waƙar. A 'yar ƙwar biyar, ɗango huɗu na farko suna tafiya da ƙaramin amsa-amo mai sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuma yana riƙe da babban amsa-amo har ƙarshen waƙa. Baiti ɗaya ba zai nuna wannan ba. Sai an kawo biyu a jere, wato ɗango goma, kafin kunne ya ji babban amsa-amon ya dawo. A 'yar ƙwar biyu kuwa, baiti uku ko huɗu sun isa. Sai a lura da haruffa masu lanƙwasa: wani salon rubutun allon talla ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ, sai "ƙasa" ta koma "kasa", ma'ana ta jirkice.

Bayanin wurin saye kuma yana son filla-filla. "Ana samunsa a kasuwa" ba adireshi ba ne. Idan a Kasuwar Sabon Gari ne, a faɗi sunan shago da layinsa. A rubuta farashi, yawan shafuka da lambar ISBN, wadda Laburaren Ƙasa ke bayarwa a Najeriya.

Na nesa galibi ta tashar mota ake aika musu, a ba direba saƙo, a tura wa mai saye lambarsa. A nan lissafi ke rikicewa. A ce littafi naira 2,000 ne, bugun kowane kwafi ya ci 1,200: idan direba ya karɓi 1,000 kuma sanarwar ba ta ce kuɗin aike na kan mai saye ba, marubucin ya tafka asarar naira 200 a wannan kwafin.