Sabon kaya ya iso: tallan atamfa a hotuna biyar

Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ta sauke sabon kaya tana iya jera hotunansa a Instagram, mai kallo yana jan su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Biyar sun isa.

Hoton farko shi ne mai tsayar da ido: turmi ɗaya a shimfiɗe, da rubutu gajere, "Sabon kaya ya iso". Uku na tsakiya kowanne ya ɗauki kaya ɗaya da farashinsa a jiki. A nan ake yawan samun rigima. Turmin atamfa yadi 6 ne, leshi kuwa galibi yadi 5 ake yanka shi, don haka a rubuta ko kuɗin na turmi ne ko na yadi. Masu cewa "a zo ta ciki a ji farashi" suna korar mai saye ne kawai.

A ɗauki hoton da rana, a inuwa. Hasken ƙwan shago yana sauya launi, sai kaya ya isa a ce ba shi aka zaɓa ba.

Hoton ƙarshe na yadda ake oda ne: a turo hoton wanda ake so ta WhatsApp, a jira tabbacin yana nan kafin a tura kuɗi, sannan a faɗi garin da za a kai. A bayyana kuma wanda zai biya kuɗin mota.