Ribar albasa: a nemi mutumin da ke tsakiyar layi

Idan aka gama cire albasa a Galmi da sauran garuruwan jihar Tawa, shugabannin ƙungiyoyin manoma sukan zauna su yi lissafi. Sukan tara ribar kowa wuri guda, su raba da yawan mutane, su ce ga abin da manomi ɗaya yake samu. Wannan shi ne lissafin raba-daidai. Yana da sauƙi, amma akwai lokacin da yake ɓatar da mutane, har ya jefa talaka cikin bashi.

Mu ɗauki misali. A ce ƙungiya tana da manoma 11. Bayan an cire kuɗin iri da taki da man injin ban-ruwa, ga ribar kowa da jika, daga ƙarami zuwa babba: 40, 50, 60, 70, 75, 80, 90, 100, 120, 165, 800. Na ƙarshen nan mai manyan garake ne, yana kuma da rumbun ajiya, ba ya saidawa sai albasa ta yi tsada. Idan aka tara duka, an sami jika 1.650. A raba wa mutum 11, kowa ya tashi da jika 150.

To, mai karatu, sake duba jerin. Mutum nawa ne suka kai jika 150? Biyu kaɗai. Sauran tara duk suna ƙasa. Ribar mutum ɗaya ce ta ja lissafin sama, ta sa ƙungiya ta zama kamar ta masu hali.

Yanzu a ce ƙungiya za ta ba da bashin taki, aka yanke cewa kowa zai iya biyan kashi ɗaya cikin uku na ribarsa. Bisa lissafin raba-daidai, jika 50 ke nan a kan kowa. Mai jika 40 ba zai iya biya ba ko ya ba da duk abin da ya samu. Mai jika 50 zai koma gida hannu wofi. Mai jika 60 zai rage da jika 10, ga kuma damina tafe, lokacin da hatsi ke tsada, zazzaɓin cizon sauro ke kama yara. Ƙarshenta sai a saida akuya, wataƙila ma a ce da su marasa riƙon amana, alhali lissafin ne ya cuce su.

Akwai wata hanya, ba ta ma buƙatar tarawa ko rabawa. A jera mutanen a layi bisa ribarsu, a nemi wanda ke tsakiya. Cikin 11, shi ne na shida, biyar suna gabansa, biyar suna bayansa. Ribarsa jika 80 ce. Wannan adadi ne ya fi kama da halin yawancin ƴan ƙungiya. Ko da ribar mai rumbu ta haura zuwa jika 1.900, raba-daidai zai koma 250, amma na tsakiya yana nan a 80, domin babu wanda ya sauya wuri a layi. Idan yawan mutane bai bar mutum ɗaya a tsakiya ba, kamar mutum 10, sai a haɗa na biyar da na shida a raba biyu.

Sai dai na tsakiya bai faɗi halin na ƙasa ba, kuma su ne bashi ke kayarwa. Saboda haka masu ƙididdiga sukan duba wasu wurare a layin. Da mutum 100 ne, sai a tambayi na 25 da na 75. Ana kiran wannan matsayi cikin ɗari. A layinmu na 11, na uku da na tara ne ke tsaye a waɗannan wurare, wato jika 60 da jika 120. Kusan rabin ƙungiya suna tsakanin su biyu. Idan aka auna bashi da na uku, kashi ɗaya cikin uku jika 20 ne, kuma har mai jika 40 zai biya ya rage da rabi. Wanda ya fi ƙarfi yana iya neman ƙari bisa ribarsa.

Ba a yar da raba-daidai gaba ɗaya ba. In ana son sanin yawan buhun da ƙungiya za ta fitar, don a ɗauko mota, tarawa ce ke aiki, da buhunan mai rumbu a ciki. Magatakarda ya riƙa fitar da lissafin biyu a rana ɗaya, ya rubuta su kusa da juna. In sun yi kusa, ko wanne aka ɗauka ya yi. In sun yi nisa kamar 150 da 80, to ya karanta wa taro jerin duka kafin a yanke kuɗin da kowa zai biya.