Me mai jin Turanci ke nufi idan ya ce kana “beat around the bush”?

A makon da ya gabaci Babbar Sallar bara mun shiga shagon wani tela a unguwar Briqueterie da ke Yaounde don karɓar ɗinkinmu, sai muka tarar ana sa-in-sa. Wata mata ’yar Bamenda ce ta kawo atamfa turmi biyu tun kwanaki goma da suka wuce, ta kuma bayar da kafin alƙalami na sefa dubu 10, domin tana da biki ranar Asabar. Da ta tambaya ko an gama, sai telan ya fara da gaisuwa, ya tambayi mutanen gida, ya koma kan ɗauke wuta da ake yi, ya gangara kan yaronsa da ya yi tafiya. Matar ta katse shi da cewa: “Stop beating around the bush.”

Nan take ran telan ya ɓaci. Kalma ɗaya ya kama a cikin maganar, wato “bush”, wadda a Fijin ɗin Kamaru take nufin daji ko ƙauye, kuma kowa ya san wanda aka kira “bushman” an ce masa bagidaje. Ya ɗauka zaginsa ta yi a gaban yaransa, har ya miƙe zai mayar mata da yadinta da kuɗinta. Sai da wani ɗalibin jami’a da ke jiran nasa ɗinkin ya shiga tsakani, ya fahimtar da shi cewa abin da take nufi kawai shi ne ya daina kewaye-kewaye, ya faɗa mata ko kayan za su samu kafin Asabar ko ba za su samu ba.

Irin wannan haɗuwa ta ƙaru a unguwarmu. Ingilishi da Faransanci ne harsunan hukuma a Kamaru, amma mu a Briqueterie da Hausa da Fulatanci da Faransanci muka fi ciniki. Tun da rikicin yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma ya ɓarke a 2016, mutanen can da dama suka dawo Yaounde, kuma suna cikin masu zuwa sayen yadi da tsire a wurinmu. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware wa mai karatu wannan salon magana.

Idan aka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ma’anarsu ita ce dukan kewayen duhuwa. “Bush” a nan ba ƙungurmin daji ba ne, ’yar sarƙaƙiya ce irin wadda tsuntsu ke laɓewa a ciki. Maganar ta samo asali ne daga farautar tsuntsaye a Ingila ta dā, inda ake sa wasu su riƙa dukan duhuwa da sanduna don tsuntsaye su tashi, wasu kuma na tsaye da raga suna kamawa. Aikin mai duka share fage ne, nama kuwa yana hannun mai raga. An ga alamar wannan kwatanci a wata tsohuwar waƙar Turanci mai suna Generydes ta wajen shekarar 1440, sannan marubuci George Gascoigne ya yi amfani da shi a shekarun 1570. Daga nan ne aka riƙa jingina shi ga mutumin da ke ta share fage amma ya kasa kai wa ga gundarin magana.

A Hausa muna da namu: kewaye-kewaye, kwana-kwana, noƙe-noƙe. Wanda ya yi makarantar Faransanci zai gane shi da “tourner autour du pot”, wato zagaya tukunya. Turawan Birtaniya sukan sa “about” a madadin “around” da Amurkawa suka fi so, amma ma’anar ɗaya ce, kuma duk wanda ɗalibi ya rubuta daidai ne.

Sai dai akwai abin da ya kamata a lura da shi. Wanda aka ce yana “beat around the bush” ba a ce ya yi ƙarya ba. Duk abin da telan nan ya faɗa gaskiya ne: an ɗauke wuta, yaron ma ya yi tafiya. Laifinsa shi ne an yi masa tambaya ɗaya, ya amsa wasu uku da ba a yi masa ba. Haka kuma ba kowane mai dogon surutu ake faɗa wa hakan ba. Dole sai akwai wata magana mai nauyi da mutum ke gudun furtawa, kamar neman rance, ko ƙin amincewa da buƙata, ko isar da labari mara daɗi, ko amsa laifi. Mu ma a gidan rediyo mun sha fama da baƙin da za ka tambaya yaushe za a gyara hanya, su kwashe minti biyar suna ba ka tarihin hanyar.

Kusan kullum a sigar hani ko kore ake jin ta. Ana cewa “don’t beat around the bush” ko “stop beating around the bush”, wato fito fili. Ana kuma cewa “I won’t beat around the bush”, wato ba zan yi maka kwana-kwana ba. Wannan ta ƙarshe ita ce ya kamata matasanmu masu neman aiki su riƙe da kyau, domin idan shugaba a ofis ko likita ya buɗe magana da ita, yawanci abin da zai biyo baya ba mai daɗi ba ne. Yana shirya ka ne kafin ya ce ba a ɗauke ka ba, ko kuwa sakamakon gwaji bai yi kyau ba. A kuma kiyaye kada a rikita ta da “beat the bushes”, wadda Amurkawa ke faɗa da ma’anar neman abu lungu-lungu.

To, wa ake faɗa wa? A nan ne, a ganinmu, aka fi yin tuntuɓe. Maganar tana ɗauke da ƙosawa, don haka tsakanin abokai ko daga babba zuwa ƙarami take tafiya. Ɗalibi ba ya faɗa wa malaminsa, mai neman aiki ba ya faɗa wa masu yi masa tambayoyi, ba a kuma sa ta a takardar hukuma. Yaron da ya koyo ta a makaranta ya zo ya jefa wa kawunsa a zaure, to ya yi rashin kunya ko da Turancinsa daidai ne. Amma mutum na iya faɗa a kan kansa a gaban kowa, tunda alƙawari ne ya ɗauka cewa zai taƙaita.

Ba mu yarda a ce gaisuwarmu kewaye-kewaye ce ba. Bahaushe yakan tambayi gajiya da iyali kafin ya shiga ciniki, kuma wanda ya tsallake wannan shi ake kallo a matsayin mara tarbiyya. Matar nan ma ta amsa gaisuwar telan da fara’a. Inda ta ƙosa shi ne lokacin da gaisuwa ta ƙare, aka kuma ci gaba da zagaye. Kunya ce ta hana telan cewa “ban gama ba”, amma kunyar tasa ita za ta jawo wa matar asara, domin da ya faɗa mata tun ranar Talata, da ta sami damar kai yadin wani shago.

Da ƙura ta lafa, telan ya ce mata: “Madam, gaskiya turmi ɗaya na yanka, ɗayan ban taɓa ba.” Suka daidaita a kan zai kammala ɗaya ranar Juma’a da yamma, ta ɗauki ɗayan tare da sefa dubu 5 daga cikin kuɗinta ta tsallaka shagon da ke kallon nasa.